Na maimaita kwas na ci B, me ya sa CGPA ɗina bai tashi sosai ba?

"Malam, na gama aji ɗaya da CGPA 3.00 a kan yunit 36, kuma a ciki akwai kwas ɗaya mai yunit 3 da na faɗi. A zangon da ya wuce na yi rajistar yunit 21 har da shi, na maimaita na ci B, GPA ɗina na zangon ya zama 3.14. Da sakamako ya fito sai na ga CGPA 3.05, alhali ƙawata ta lissafa mini 3.22. Kuskure aka yi mini, ko kuwa F ɗin nan ba ya gogewa ne?"

Ba a yi miki kuskure ba, ita ma ƙawar taki lissafinta bai karkace ba. Abin da ya faru shi ne ita da makarantarku ba ƙa'ida ɗaya suka bi ba. Ita ta ɗauka cewa sabon sakamakon yana maye gurbin tsohon, makarantar kuwa ta ƙirga zama biyun da kika yi wa kwas ɗin, na faɗuwa da na ci. Na daɗe ina riƙe da aikin haɗa sakamakon jarrabawa a sashenmu, kuma da wuya a yi zango ba a zo mini da wannan ƙorafi ba, yawanci da takarda a hannu an cika ta da lissafi gaba da baya. Lambobin da kika kawo sun isa mu fitar da 3.05 da 3.22 duka, mu ga daidai inda suka rabu.

Yadda lambar take fitowa

A ma'aunin maki biyar, wanda lambobinki suka nuna shi kuke bi, kowane harafi yana da darajarsa: A biyar, B huɗu, C uku, D biyu, E ɗaya, F kuwa sifili. Akwai makarantun da ba su da E, akwai kuma masu ma'aunin da A ke tsayawa a huɗu, amma hanyar lissafin ba ta sauyawa. Ana ninka darajar harafin da yunit ɗin kwas, abin da ya fito shi ne makin wannan kwas. B a kwas mai yunit 3 yana ba da maki 12, F a wannan kwas ɗin kuma ba ya ba da komai. Daga nan sai a tara makin dukkan kwasa-kwasan, a raba shi da jimillar yunit ɗin da aka yi wa rajista. Idan na zango ɗaya aka tara, GPA ke nan. Idan kuwa aka tara tun daga ranar da ɗalibi ya shigo makaranta, shi ne CGPA.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar rajista. Ba da yunit ɗin da aka ci ake rabawa ba, da yunit ɗin da aka ɗauka ake rabawa. Saboda haka kwas ɗin da aka faɗi ba ya kawo komai a lambar sama, amma yana zaune daram a lambar ƙasa.

A aji ɗaya kin ɗauki yunit 36 kin fita da 3.00, wato makinki 108 ne. Wannan 108 ɗin daga yunit 33 da kika ci ya fito gaba ɗayansa, domin sauran ukun sifili suka kawo. A zangon da ya wuce kuma, 3.14 a kan yunit 21 yana nufin maki 66. Sha biyu daga ciki na kwas ɗin da kika maimaita ne, sauran 54 kuma na yunit 18 na ajinku, wanda ya nuna cewa a sababbin kwasa-kwasan kin tsaya a kan 3.00 cif. Idan aka haɗa, makinki ya zama 174. Har zuwa nan babu saɓani tsakanin makaranta da ƙawarki. Saɓanin yana wurin abin da za a raba 174 da shi.

```
174 / 57 = 3.05
174 / 54 = 3.22
```

Makaranta ta haɗa 36 da 21 ta samu 57, ta bar kwas ɗin ya shiga lissafi sau biyu. Ƙawarki ta cire yunit ukun zaman farko ta samu 54. Lambar sama iri ɗaya ce a wurinsu, tunda F bai taɓa kawo maki ba balle a ce an cire masa wani abu. Duk abin da ake kira goge F bai wuce cire yunit ɗinsa daga lambar ƙasa ba, kuma wannan cirewar ce makarantarku ba ta yi.

Abin da maimaitawa ke yi idan ana ƙirga zama biyun

A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, lissafi bai san cewa kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi ake maimaitawa, kika rubuta ba. Yana kallon kwas ɗin kamar wani sabon kwas mai yunit 3 da kika ɗauka kika ci B, kuma yana yi masa hukuncin da yake yi wa kowane sabon kwas. Hukuncin shi ne: harafin da ya fi CGPA ɗinki daraja yana ɗaga shi, wanda ya yi daidai da shi yana barinsa inda yake, wanda ya gaza shi kuma yana jan shi ƙasa. B huɗu ne, ke kuma kina kan uku, tazarar ɗaya ce kawai. A ninka ta da yunit 3 a samu uku, a raba ukun nan a kan yunit 57, sai a samu 0.05. Wannan shi ne ƙarin da kika gani, ba ragi ba daɗi.

Da A kika ci, makin zai zama 177, CGPA ya kai 3.11. Da C ne, zai zama 171, ya tsaya a 3.00 kamar ba ki rubuta komai ba. Da D ne kuwa, 168 a kan 57 zai ba da 2.95, wato kin ci kwas ɗin, kin rabu da kariyoba, amma CGPA ya sauka ƙasa da inda yake kafin ki maimaita. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa ɗalibai kai. Na tuna wani ɗalibi da ya shigo ofishina da fara'arsa yana cewa ya sauke nauyin kwas ɗin da ya dame shi, sai muka buɗe sakamakon muka tarar E ya samu, CGPA ɗinsa kuma ya ragu. Ya ɗauki biro ya sake lissafin a gabana har sau biyu a bayan takardar rajistarsa, sa'annan ya ce to ashe cin ma faɗuwa ne. Ba faɗuwa ba ne, domin yunit ɗin ya shiga cikin waɗanda ya ci, kuma sai da su zai kammala karatu. Amma ta fuskar CGPA, ga mutumin da ke sama da 1.00, E ba ya ƙara komai sai ragi. Abin da ya sa nake gaya wa ɗalibai kada su shiga kariyoba da niyyar su tsallake kawai ke nan.

Idan kuma aka sake faɗuwa, a lambobinki zai zama 162 a kan 57, wato 2.84, sa'annan ga zama na uku yana jira da wasu yunit ukun. Kwas mai yunit 3 da aka ci a zama na uku ya ci gurbin yunit 9 a lambar ƙasa, ya biya da makin yunit 3 kacal. Ko da A aka rufe shi, 15 ne a kan 9, wanda bai kai darajar D ba.

Nawa ne ainihin kuɗin F ɗaya

Mutane sukan ce F na aji ɗaya ya fi na ajin ƙarshe illa, wasu kuma su ce na ajin ƙarshe ya fi. Idan makaranta tana tara dukkan shekaru da nauyi ɗaya, to duka maganganun biyu ba daidai ba ne. A aji ɗaya raunin yana bayyana da girma ne saboda yunit ɗin da aka tara kaɗan ne. Makinki 108 a kan yunit 33 da kika ci 3.27 ne, yunit ukun nan suka mayar da shi 3.00. Yayin da yunit ke taruwa, tabon yana ƙanƙancewa a ido, amma a ranar lissafin ƙarshe yunit uku ne dai da suka ƙaru a lambar ƙasa, ko a wace shekara suka shigo. Sai dai akwai tsare-tsaren da ke ba shekarun ƙarshe nauyi fiye da na farko wajen fitar da darajar digiri, a can ne lokacin faɗuwar yake da tasiri.

Mu ɗauka karatunku yunit 150 ne, kuma kin gama da maki 530. Da ba ki taɓa faɗuwa ba, ko kuma da ana gogewa, 530 a kan 150 zai ba ki 3.53. Da yunit ukun nan a ciki, 530 a kan 153 ne, wato 3.46. Bambancin 0.07 ne, abin da ba zai tayar wa mutum hankali ba idan yana tsakiyar daraja. Amma a ma'aunin maki biyar, 3.50 ita ce iyakar da aka saba sanyawa tsakanin daraja ta biyu ta sama da ta ƙasa, kamar yadda 4.50 take iyakar daraja ta ɗaya. Wanda ke bakin iyaka, wannan 0.07 ɗin ita ce ke sauya abin da za a rubuta masa a takardar shaida.

Akwai wata hanyar auna wannan asara wadda na fi so, domin tana gaya wa ɗalibi yawan aikin da ke gabansa. A ce burinki ki kai 3.50. Yunit 57 ɗinki suna buƙatar maki 199.5 kafin su kai wannan matsayi, ke kuma kina da 174, wato ana bin ki 25.5. Kowane yunit ɗaya da kika ci da A yana biyan 1.5 daga bashin, tunda biyar ta ɗara 3.5 da ɗaya da rabi, kowane yunit na B kuma yana biyan rabi. Saboda haka kina buƙatar yunit 17 na A zalla, ko yunit 51 na B zalla, ko gaurayensu. Da a ce makarantarku tana gogewa, bashin 15 ne kawai, yunit 10 na A ko 30 na B su biya shi. Ke nan kuɗin F ɗin nan, ga mai neman 3.50, yunit 7 ne na A ko yunit 21 na B. C kuwa ba ya biyan komai a wannan lissafi, ƙara bashin yake yi da rabi a kowane yunit. Tunda kina farkon aji biyu ne, yunit ɗin da suka rage miki sun isa wannan biya har da rara, kuma kwasa-kwasai masu yunit 3 da 4 su ne inda bashin ya fi saurin raguwa.

Sauran ƙa'idojin, da yadda ake gane su

Ƙa'idar da ƙawarki ta bi ba ita ta ƙirƙire ta ba. Jami'o'i da dama, musamman a Amurka, suna barin sabon sakamako ya maye gurbin tsohon a lissafi. Ko a can ɗin, F yakan zauna a takardar sakamako da alamar cewa an cire shi daga lissafi, kuma yawanci akan iyakance yawan kwasa-kwasan da ɗalibi zai iya yi wa haka, wasu wuraren ma sai ya nema a rubuce. Bayan haka, gogewar ta makarantar ce kaɗai. Idan ɗalibi ya nemi karatu a wani wuri, masu karɓa suna iya sake lissafin da tasu ƙa'idar. AMCAS, wadda ake neman shiga makarantun likitanci na Amurka ta hannunta, tana ƙirga duk zaman da aka yi wa kwas ko da jami'ar ɗalibin ta goge na farko.

Wasu makarantun kuma sukan ɗauki tsaka-tsakin sakamako biyun su ƙirga yunit sau ɗaya. A naki, tsakiyar sifili da huɗu biyu ce, kwas ɗin zai ba da maki 6, jimilla ta zama 168 a kan 54, wato 3.11. Akwai kuma masu sanya rufi, su ce wanda ya maimaita ba za a rubuta masa fiye da wani harafi ba komai abin da ya ci.

Ƙa'idar kowace makaranta tana rubuce a littafin dokokin karatu da ake ba ɗalibai, a sashen jarrabawa, kuma shi ne abin da za a kafa hujja da shi idan gardama ta tashi, ba abin da na lissafa a nan ba. Amma takardar sakamakonki ma tana faɗa. Za ki ga jimilla biyu na yunit a ƙasanta, ta waɗanda aka yi wa rajista da ta waɗanda aka ci. Idan kika ga 57 a ta farko da 54 a ta biyu, to ana ƙirga zama biyun, kuma wannan tazarar ta yunit uku za ta bi ki har ki gama. Idan kina son ki riƙa bin lissafin da kanki, ki jera kwasa-kwasanki a Excel, yunit a layin B, darajar harafi a layin C, ki ba kowane zama nasa jeri tun daga jeri na 2, har da na F ɗin, sa'annan ki rubuta:

```
=SUMPRODUCT(B2:B100,C2:C100)/SUM(B2:B100)
```

Kada ki haɗa GPA na zanguna ki raba da yawansu. Wannan kuskure ne da nake gani kullum. Idan kika haɗa 3.00 da 3.14 kika raba biyu za ki samu 3.07, alhali na farko yana ɗauke da yunit 36, na biyu 21, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Irin wannan lissafi yana dacewa ne kawai idan zangunan suna da yunit daidai wa daida, kariyoba kuwa ita ce ke fara ɓata wannan daidaito.

Inda kuskuren gaske yakan shigo

Na ce naki ba kuskure ba ne, amma ana yin kuskure, kuma a kan kwasa-kwasan da aka maimaita ya fi faruwa. Wanda na fi cin karo da shi shi ne na sauyin lambar kwas. Idan aka sabunta manhaja tsakanin zaman farko da na biyu, kwas ɗin ya sami sabuwar lamba, na'ura ba ta gane cewa kwas ɗaya ne. Sai ɗalibi ya ci sabon, tsohon kuma ya ci gaba da fitowa a jerin abin da ake bin sa, wani lokaci ba a lura ba sai a ajin ƙarshe ana tantance masu fita. Ni kaina na taɓa barin irin wannan ya wuce ni zango biyu, sai da ɗalibar ta zo da takardun rajistarta na shekarun biyu muka ajiye su gefe da gefe kafin na gano. Wani lokaci kuma yunit ɗin ne ke sauyawa, kwas mai 3 ya koma mai 2. A ƙa'idar ƙirga zama biyu, F ɗin yana nan da ukunsa, sabon cin kuma da biyunsa, don haka B zai ba da maki 8 maimakon 12, ɗalibi ya ga kamar an zalunce shi alhali lissafin daidai ne.

Sai matsalar rajista, wadda take da fuska biyu. Wanda ya shiga jarrabawar kariyoba bai yi mata rajista ba a wannan zangon, galibi sakamakonsa ba ya shiga ko'ina, ko da ya ci A. Wanda kuma ya yi rajista bai shiga jarrabawar ba, ba tare da uzurin da aka amince da shi ba, akan ƙirga masa ita a matsayin F, yunit ɗin ya sake hawa lambar ƙasa. Wannan na biyun ya fi ciwo, domin sau da yawa ɗalibin ya yanke shawarar bari sai baɗi ne saboda jarrabawar ta zo rana ɗaya da wata ta ajinsu, bai san cewa sai ya janye rajistar a cikin wa'adin da aka ware ba. Idan rashin lafiya ne ya hana zama, kuma aka kai shaida a kan lokaci aka amince, yawanci ba a ƙirga wannan zaman, sai a ɗauki na gaba a matsayin na farko. Wannan ba maimaitawa ba ce a idon lissafi, kuma ya kamata a duba a tabbata ba a rubuta F a wurin ba.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a takarda kai tsaye. Makarantu suna da iyakar yunit da ɗalibi zai ɗauka a zango, kuma a yawancinsu kariyoba ake fara sanyawa kafin kwasa-kwasan aji. Ke kin ɗauki 21, idan iyakarku 24 ce kin shiga lafiya. Wanda yake da kariyoba uku ko huɗu kuwa, dole ya ajiye wasu kwasa-kwasan ajinsa. Kwas ɗin da aka ajiye ba a yi masa rajista ba ba ya taɓa CGPA ko kaɗan, tunda bai shiga lambar ƙasa ba, sai dai yana iya ƙara wa mutum zango ko shekara. Nakan ga ɗalibai suna cika rajista har bakin iyaka don gudun ƙarin zango, sai nauyin ya yi musu yawa su fito da C da D a kwasa-kwasan da za su iya cin B, su yi asarar makin da ya fi na F ɗin farko. A lambobinki, sauka daga B zuwa C a kwasa-kwasai uku masu yunit 3 asarar maki 9 ce, wadda ta kusa cinye duk sha biyun da maimaitawar ta kawo miki.

Idan kwas ɗin da aka faɗi na zaɓi ne ba na dole ba, wasu makarantun suna barin a ɗauki wani a madadinsa. Wannan yana sauke wajabcin komawa ajin, amma inda ake ƙirga dukkan rajista, F ɗin da yunit ɗinsa suna nan. Amfanin musanyar kawai shi ne mutum ya zaɓi kwas ɗin da ya fi tsammanin cin A a cikinsa.

Abin da zan so ki duba a takardarki ta wannan zangon abu biyu ne: cewa jimillar yunit ɗin da kika ci ta nuna 54, da kuma cewa kwas ɗin ya fita daga jerin waɗanda ake bin ki. Idan ɗaya daga cikinsu bai yi daidai ba, ki je wurin jami'in jarrabawar sashenku da takardar rajistarki ta aji ɗaya da ta zangon da ya wuce, tun kafin a buɗe rajistar zango mai zuwa, domin gyaran ya fi sauƙi kafin a ɗora wani sakamakon a kansa.